Sakakkiyar naira da ɗaurarriyar sefa: tambayoyi da amsoshi kan ƙarfin babban banki

Wanda ke zaune a Kamba ko Dole-Kaina yana rayuwa ne tsakanin tsarin kuɗi guda biyu. A tsallaken iyaka, Nijar da Benin suna amfani da sefa, wadda aka ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 a yuro ɗaya tun 1999. A ɓangarenmu kuwa, tun watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi halinta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai masu karatun tattalin arziki a Birnin Kebbi, da wasu 'yan kasuwar kan iyaka, suka fi yi mini a kan abin da babban banki zai iya yi da abin da ba zai iya ba a ƙarƙashin kowane tsari.

Malam, wane tsarin nazari ne ake kwatanta su da shi?

Ana kiran sa da sunan mutum biyu, Robert Mundell ɗan ƙasar Kanada da Marcus Fleming ɗan Birtaniya, waɗanda suka fitar da shi kowa da nasa rubutun a 1962 da 1963, lokacin da suke aiki a Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Mundell ya samu kyautar Nobel a 1999, kuma wannan aiki na cikin dalilan.

Tsarin ya ginu ne a kan sharuɗɗa uku. Na farko, ƙasar ƙarama ce, abin da take yi ba ya motsa kuɗin ruwan duniya. Na biyu, farashin kaya a cikin gida bai riga ya motsa ba, wato muna maganar gajeren lokaci ne, watanni ba shekaru ba. Na uku, jari yana shiga yana fita ba mai tare shi: wanda yake da kuɗi a banki zai iya mayar da su dala yau, ya sayi takardun bashin gwamnatin Amurka gobe.

Sharaɗi na uku shi ne ƙashin bayan maganar. Idan kowa zai iya kwashe kuɗinsa ya kai inda suka fi riba, to kuɗin ruwan cikin gida ba zai daɗe yana ƙasa da na duniya ba, kuma ba zai daɗe yana sama da shi ba. Dole su haɗu.

Idan an saki kuɗin ƙasa, me ke faruwa in babban banki ya ƙara yawan kuɗi?

Babban banki yana ƙara kuɗi ne ta hanyar sayen takardun bashin gwamnati daga hannun bankuna, ya ba su tsabar kuɗi. Bankuna su wayi gari da kuɗi fiye da yadda ake nema, sai kuɗin ruwa ya sauka. Masu jari su duba su ga a waje ana biyan fiye da haka, sai su fara sayen dala don su fita. Masu neman dala sun yi yawa, babban banki kuma bai yi wa kowa alkawarin wani farashi ba, saboda haka dala ta hau.

Daga nan ne aikin yake fara cin jiki. Kayan ƙasar sun yi araha a idon baƙo, kayan waje sun yi tsada a idon ɗan gida. Ana fitar da kaya da yawa, ana rage shigo da su, masana'antu da gonaki su ƙara aiki, kuɗin shigar jama'a ya ƙaru. Da harka ta buɗe, mutane na buƙatar ƙarin kuɗi a hannu don ciniki, wannan buƙata ta shanye kuɗin da aka ƙara, kuɗin ruwa ya koma inda na duniya yake.

Ɗalibai da yawa suna faɗuwa a nan a jarrabawa. Sukan rubuta cewa ƙarin kuɗin ya yi aiki ne saboda rance ya yi sauƙi, 'yan kasuwa suka zuba jari. A ƙasar da ke rufe haka ne. A wannan tsari kuwa, a ƙarshen lissafi kuɗin ruwa bai canza ba ko kaɗan. Abin da ya canza shi ne farashin canji, kuma ta ƙofar cinikin waje dukkan ƙarin ya shigo.

To idan an ɗaure kuɗin fa?

Farkon labarin ɗaya ne. An ƙara kuɗi, kuɗin ruwa ya sauka, masu jari sun nufi dala. Bambancin shi ne babban banki ya yi alkawarin sayar da dala ga duk mai so a kan farashin da ya ƙayyade. Don haka sai ya buɗe asusun ajiyarsa na kuɗin waje ya fara biya. Duk dalar da ya miƙa, yana karɓar kuɗin gida a madadinta, kuma kuɗin da suka koma cikin babban banki sun fita daga hannun jama'a ke nan. Haka za a ci gaba har sai duk abin da ya ƙara ya dawo masa.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san wannan. Idan kunyar da ta raba fangalinka da gulbi a fashe take, ko ka kwana kana ba injin mai, ruwan fangalin ba zai wuce tsayin ruwan gulbi ba. Mai kawai ka ƙona. Man babban banki shi ne dalar da ke asusunsa.

Sakamakon: yawan kuɗi ya koma yadda yake, kuɗin ruwa yadda yake, abin da ƙasa ke samarwa yadda yake, asusun ajiya kuma ya ragu. A ƙarƙashin ɗaurarren canji, ba babban banki ne ke yanke yawan kuɗin da ke yawo ba. Masu shigowa da dala da masu fita da ita ne suke yanke shi.

A nuna mana da alƙaluma.

Mu ƙirƙiri wata ƙasa don lissafi kawai, alƙaluman ba na Najeriya ba ne. `Y` shi ne abin da ƙasar ke samarwa, `M` yawan kuɗi, dukansu da biliyan. `r` kuɗin ruwa ne cikin ɗari, `e` kuma farashin dala ɗaya da kuɗin gida.

```
Y = 700 - 20r + 0.4e
M = 0.5Y - 20r
r = 5
```

Layi na farko yana cewa tsadar rance na rage harka, tsadar dala kuma na ƙara ta saboda cinikin waje. Na biyu yana cewa mutane na son riƙe kuɗi da yawa idan harka ta buɗe, kaɗan idan kuɗin ruwa ya hau. Na uku shi ne kuɗin ruwan duniya, kashi 5. Idan dala tana kan 1,000, to `Y` ya zama 1,000, `M` kuma 400. Daga nan muka tashi.

Yanzu babban banki ya ƙara biliyan 40, `M` ya zama 440. A ranar farko harka ba ta motsa ba, don haka layi na biyu ya ba mu `r` a kan 3. Kashi 3 a gida, kashi 5 a waje: jari ya fara fita.

Idan kuɗin a sake yake, `M` zai tsaya a 440, `r` kuma dole ya koma 5. Abin da zai daidaita layi na biyu shi ne `Y` ya kai 1,080. Mu ɗauki wannan mu saka a layi na farko, sai mu ga `e` ya zama 1,200. Wato dala ta tashi da kashi 20 cikin ɗari, abin da ƙasa ke samarwa ya ƙaru da biliyan 80.

Idan a ɗaure yake, `e` ba zai bar 1,000 ba, `r` zai koma 5, saboda haka layi na farko ya tsare `Y` a 1,000. Layi na biyu kuwa ba zai yarda da wani `M` ba sai 400. Biliyan 40 ɗin nan za ta koma babban banki, shi kuma ya biya ta da dala miliyan 40 daga asusunsa.

Akwai hanya ta uku da ya kamata a gwada a kan takarda. A bar dala a 1,000, amma a hana jari fita, wato a goge layi na uku. Sai `r` ya zauna wajen 3.7, `Y` ya kai kusan 1,027. Mataki ɗaya ne aka ɗauka, amma ƙarin ya zama 80, ko sifiri, ko 27, gwargwadon dokar da ke kan canji da kan jari.

Me zai hana babban banki ya sake zuba kuɗin duk lokacin da suka dawo masa?

Ba abin da zai hana shi, sai ƙarewar dala. A misalinmu, duk zagaye ɗaya yana cin dala miliyan 40. Idan asusun na da miliyan 200, zagaye biyar ne. Kuma ba ma a kaiwa na biyar, domin masu jari suna karanta alƙaluman asusun. Da sun hango ƙarshe sai kowa ya ruga ya canza nasa tun farashin alkawari na nan, abin da zai ɗauki shekara sai ya faru cikin mako.

Birtaniya ta gani a ranar 16 ga Satumba 1992. Tana riƙe da fam a cikin tsarin canji na Turai, kusa da kuɗin Jamus, alhali tattalin arzikinta na buƙatar rance mai sauƙi. A ranar ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, ta sanar da za ta kai 15, ta kashe dimbin kuɗin ajiya tana sayen fam, amma kafin dare ta fice daga tsarin.

Akwai ƙasar da ta ɗaure kuɗinta, ta bar jari a sake, kuma ta zauna lafiya?

Akwai, kuma alhazanmu sun san ɗaya. Riyal ta Saudiyya tana kan 3.75 a dala ɗaya tun 1986. Abin da Saudiyya ta biya shi ne 'yancin yanke kuɗin ruwa: idan babban bankin Amurka ya ɗaga, nata yakan ɗaga, galibi a rana guda, ko da kasuwar Riyad ba ta buƙatar hakan. Hong Kong ma haka take tun 1983, kuɗinta na kusa da 7.8 a dalar Amurka ɗaya. Shi ya sa idan kuɗin kujerar Hajji ya hau, ba riyal ce ta motsa ba, naira ce ta sauka a gaban dala.

Wannan shi ne abin da masana ke kira zaɓin biyu daga cikin uku: tsayayyen canji, jari mai yawo yadda ya so, da manufar kuɗi ta kanka, wato ikon yanke yawan kuɗi da kuɗin ruwa. Kowace biyu za su zauna tare, amma ukun ba sa haɗuwa.

Ina sefa ta faɗa a cikin wannan?

Ƙasashe 8 ne ke amfani da sefar Afirka ta Yamma: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Babban bankinsu ɗaya ne, BCEAO, mai hedikwata a Dakar. Nijar ita kaɗai ba ta da manufar kuɗi ko kaɗan. Ko fari aka yi a Dosso, ba wanda zai rage kuɗin ruwa don Dosso.

Shi kansa bankin na Dakar yana da ɗan sarari, domin fitar da jari zuwa wajen yankin ba a sake yake gaba ɗaya ba, akwai takardu da izini. Wannan ne ya sa ba lallai ya bi bankin Turai taku bayan taku ba. Amma sararin ƙanƙane ne, kuma idonsa kullum na kan asusun ajiya. Ribar da suke ci ita ce hauhawar farashi a yankin yawanci ba ta kai ta Najeriya ba, ko kusa. Ɗaurin kuma ba wahayi ba ne: a Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, daga 50 zuwa 100 a kan faran ɗin Faransa ɗaya, dattawan 'yan kasuwar Kamba da Gaya suna tune da shi.

Najeriya fa, kafin 2023, wane zaɓi ta yi?

Ta yi ƙoƙarin riƙe canji da manufar kuɗi tare, ta hanyar rage wa jari hanyar fita. Shekarar 2015 ta fi nuna wannan a fili. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, Babban Bankin Najeriya ya tsayar da dala a wajen naira 197. A watan Yuni ya hana masu shigo da kaya iri 41, har da shinkafa, samun dala daga kasuwar hukuma. A Nuwamba, watan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a nan Kebbi, ya rage kuɗin ruwa daga kashi 13 zuwa 11.

A kan takarda wannan ita ce hanya ta uku, mai ba da ƙarin 27. A zahiri, shingen bai kai ƙarfin da ake buƙata ba. Wanda banki ya hana dala sai ya nufi 'yan canji, kuma a farkon 2016 dala ta wuce naira 300 a kasuwar bayan fage. Bankin ya mayar da kuɗin ruwa 12 a Maris, ya saki farashin 197 a Yuni, ya ɗaga zuwa 14 a Yuli. A ganina babbar illar wannan hanya ba ma a lissafin take ba. Idan akwai farashi biyu, wanda ya samu dala a na hukuma ya ci riba tun bai sauke kaya ba, sai neman takardar izini ya fi noma da sarrafa kaya riba.

An saki naira, amma maimakon a rage kuɗin ruwa sai aka yi ta ɗaga shi. Ina 'yancin da kuke faɗa?

Tambaya ce mai kyau. Tsarin bai ce wanda ya saki kuɗinsa zai rage kuɗin ruwa ba. Ya ce matakinsa zai yi tasiri, ko sassauci ne ko matsi. A 2024 matsi ake buƙata. Dala ta tashi daga wajen naira 460 kafin Yunin 2023 zuwa kusan 1,500 a Fabrairun 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disamba. Kwamitin manufar kuɗi ƙarƙashin gwamnan babban bankin, Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga 18.75 zuwa 22.75 a Fabrairu, ya ci gaba har 27.5 a Nuwamba. Labarin da muka ba da a sama ne ake karantawa daga ƙarshe: kuɗin ruwa ya hau, jari ya shigo, naira ta samu tsayawa, harka ta yi sanyi.

Amma a 2024 ɗin, kashi 27 ina, kashi 5 na Amurka ina? Ba kun ce dole su haɗu ba?

Layin nan na `r = 5` ya ɗauka cewa mai jari ba ya tsoron komai kuma ba ya tsammanin canji zai motsa. Don ƙasa irin tamu sai a ƙara abu biyu a kai: faɗuwar da ake tsammanin naira za ta yi, da ladan kasada.

Ɗauki wanda ya shigo da dala 1,000 a kan 1,500. Ya samu naira miliyan 1.5, ya sayi takardar bashi mai ba da kashi 20, bayan shekara yana da miliyan 1.8. Idan a lokacin dala ta kai 1,800, dala 1,000 ɗinsa zai karɓa ba ƙari, alhali da ya bar ta a Amurka da ta zama 1,050. Don ya fita kunya, dole dala ta tsaya ƙasa da kimanin 1,714. A kan wannan kuma yana tambayar kansa ko ranar da zai tafi zai samu dalar a banki, domin akwai lokacin da kamfanonin jiragen sama na waje suka yi ta jiran kuɗinsu da suka maƙale a Najeriya. Idan aka cire waɗannan biyu daga kashi 27, ratar da ta saura ba ta da yawa.

Idan gwamnati ce ta ƙara kashe kuɗi, ba babban banki ba?

Sai abin ya juye. A lissafinmu, mayar da 700 ɗin nan 740. Idan kuɗin a sake yake, `M` na nan 400, don haka `Y` ba zai bar 1,000 ba, dala ce za ta sauka zuwa 900, masu fitar da kaya su yi asarar daidai abin da gwamnati ta ƙara. Idan a ɗaure yake, jari zai shigo, babban banki ya sayi dalar, `M` ya kai 420, `Y` kuma 1,040.

Ni ba na hulɗa da kuɗin ruwa. Me ya haɗa ni da wannan?

Farashin canji. Tunda ta nan manufar ke bi idan kuɗi a sake yake, tana isa ga wanda bai taɓa shiga banki ba. Lokacin da naira ta faɗi, mai sefa da ya shigo kasuwar Kamba ko Jega ya ga gero da masara sun yi masa araha, ya saya da yawa. Wannan shi ne ƙarin fitar da kaya da tsarin ya faɗa, ko da bai bi ta littafin kwastam ba. Manomin da ke da rarar hatsi ya ji daɗi, magidancin da ke awo da tiya ya sha wuya.

A ina tsarin yake kuskure idan aka ɗora shi a kan Najeriya?

Wuri mafi girma shi ne lambar nan 0.4. Tana nufin cewa da dala ta hau, fitar da kaya zai ƙaru nan da nan. Babban abin da Najeriya ke fitarwa ɗanyen mai ne, da dala ake sayar da shi, kuma yawansa ya dogara da rijiyoyi da bututu, ba da farashin naira ba. Ga shi kuma mai noman rani a Suru ko Bagudo yana buƙatar injin ban ruwa, maganin feshi da fetur, waɗanda farashinsu ke bin dala. Shinkafar waje ta yi tsada, gaskiya ne, amma kuɗin noma tasa ma ya hau. Sake lissafin da 0.1 a madadin 0.4, ka gyara 700 zuwa 1,000 don a tashi daga wuri ɗaya: kafin a samu ƙarin 80 ɗin nan, sai dala ta kai 1,800, ba 1,200 ba.

Na biyu, sharaɗin cewa farashin kaya bai motsa ba. A nan 'yan kasuwa kan duba farashin dala da safe kafin su buɗe shago. Idan farashi ya bi dala cikin makonni, arahar da kayanmu suka yi wa baƙo za ta gushe, ƙarin kuɗin ya zama tsada zalla. Na uku, kamfani ko gwamnatin da ke da bashin dala, faɗuwar naira na ƙara masa nauyi, sai ya rage aiki maimakon ya ƙara.

Ta yaya zan gane ɗaurin da aka yi wa kuɗi ya kusa kwancewa?

Fara da ratar da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canji. Inda jari ke a sake da gaske, kamar Saudiyya, ratar nan kusan babu ita, domin kowa na samun dala a farashin alkawari. Idan ta fara buɗewa, alama ce cewa babban banki ya daina cika alkawarin ga kowa, ya koma rabo. Sannan ka duba asusun ajiya: raguwar wata ɗaya ba komai ba ce, amma raguwa wata bayan wata, alhali bankin na rage kuɗin ruwa ko yana ba gwamnati rance, shi ne zagayen nan na dala miliyan 40 da muka lissafa. Daga baya sai sabbin dokoki su fara fitowa, a rage abin da katin banki zai iya kashewa a waje, a ƙara jerin kayan da ba a ba su dala, masu biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu a waje su yi watanni suna jiran `Form A`, takardar neman dala a banki. A 2015 da 2016 duka ukun sun bayyana kafin a saki farashin 197, haka kuma a watannin da suka gabaci Yunin 2023, lokacin da banki ke cewa 460 'yan canji kuma suna sayarwa sama da 700.